Kafin kwamiti ya sa hannu: fashin baƙi kan gwajin manhajar da ke bin matakin kowane ɗalibi

A makarantarmu ta al'umma da ke Agege, inda ake boko da safe a koma Islamiyya bayan la'asar, na taɓa rubuta 52 a allo, na sa 17 a ƙasa, na ce 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare su ɗebe. Wata yarinya mai natsuwa da ke zama a gaba ta rubuta 45. Ba ganganci ta yi ba, tana da ƙa'idarta: a kowane gida tana cire ƙaramin adadi daga babba, biyu daga bakwai saura biyar, ɗaya daga biyar saura huɗu. Aro ne ba ta taɓa fahimta ba tun firamare. A benci ɗaya da ita kuwa akwai yaron da ya gama aikin tun ban ajiye alli ba, yana jiran in shiga darasin aljabara da tsarin karatu ya ce in koyar a wannan makon. Malami ɗaya, minti arba'in, yara talatin, kowa da inda ya tsaya.

Wannan giɓin ne ya sa wani kamfani ya kawo mana tallar manhajarsa, shugaban kwamitin gudanarwa kuma ya ce in rubuta takardar shawara kan ko za mu gwada. Abin da zan warware a nan shi ne abin da ya kamata irin wannan takarda ta ƙunsa, domin na san makarantun 'yan uwanmu a Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago su ma 'yan talla ba su bar su ba. Ra'ayina tun farko shi ne, takardar da ba ta faɗi ranar da za a tsaya da dalilin da zai sa a tsaya ba, takardar saye ce, ko da an rubuta "gwaji" a kanta.

Mu fara da abin da ake sayarwa. Manhaja mai bin matakin ɗalibi tana fara wa yaro da jarrabawar gano matsayi, ta ajiye shi inda iliminsa yake, ba inda sunan ajinsa yake ba. Daga nan kowace amsa da ya bayar tana sauya ƙiyasin da manhajar ke yi game da shi. Idan ya ci tambaya, ƙiyasin cewa ya iya wannan dabara ya ɗan hau, amma ba ya hawa gaba ɗaya, don wataƙila canka ya yi. Idan ya faɗi, ƙiyasin ya sauka kaɗan, don wataƙila ya iya, hannu ne ya zame. Sai ƙiyasin ya kai wani mataki take buɗe masa darasi na gaba. Mai kyau a cikinsu tana yin abin da ya fi wannan: tana duba irin kuskuren. Yarinyar da ta rubuta 45, sannan ta rubuta 34 a amsar 71 a ɗebe 45, manhajar kirki za ta gane ƙa'idar da take bi, ta mayar da ita darasin aro. Wadda ba ta kirki ba za ta ce "ba daidai ba ne" ta sake jefo mata wata tambayar irin ta farko.

Akwai hanya mai sauƙi da kwamiti zai bambance su, kuma na sa ta a shafin farko na takardata. A zaunar da malamai biyu a gaban na'ura biyu, ranar da ɗan tallan ya zo. Ɗaya ya riƙa amsa komai daidai, ɗayan ya riƙa yin kuskure iri ɗaya da gangan, irin na yarinyar nan. Bayan minti goma sha biyar a duba fuskar na'urorin. Idan duka biyun suna kallon bidiyo ɗaya da tambayoyi ɗaya, to littafi ne aka zuba a na'ura, ba ruwansa da matakin kowa. A kuma lura, shirin EKO EXCEL da gwamnatin Legas ta fara a 2019 a makarantun firamarenta wani abu ne dabam: can malami ake ba na'ura mai ɗauke da darasin da aka tsara masa. Mambobin kwamiti da yawa suna haɗa su, gara a raba musu tun a farkon zama.

To, yana aiki kuwa? Shaidar da ta fi ƙarfi da na sani ta fito daga Delhi ta ƙasar Indiya. Masana uku, Karthik Muralidharan da Abhijeet Singh da Alejandro Ganimian, sun bi yara 619 na makarantun gwamnati, aka jefa ƙuri'a, kimanin rabi suka samu gurbi kyauta a cibiyoyin da ke amfani da manhajar Mindspark bayan an tashi makaranta. Cikin wata huɗu da rabi, waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa sun wuce sauran da 0.37 a lissafi da 0.23 a harshen Hindi, a ma'aunin da masana ke auna tazarar maki da shi. An buga sakamakon a 2019. Wannan ci gaba ne babba a ɗan lokaci. Sai dai a karanta sauran labarin: zaman kowace rana minti casa'in ne, rabi a kan na'ura, rabi tare da mai koyarwa a ƙaramin rukuni, kwana shida a mako, kuma duk da haka zuwan yaran bai wuce kashi 58 cikin ɗari na kwanakin ba. A ɗaya gefen kuma akwai ƙasar Peru, inda aka raba wa yaran makarantun karkara kwamfutoci a ƙarƙashin shirin kowane yaro da kwamfutarsa, binciken da aka yi bayan wata goma sha biyar bai ga wani ƙari a lissafi ko harshe ba. Na'ura kaɗai ba ta koyar da kowa. Abin da ya yi aiki a Delhi shi ne koyarwa daidai da matakin yaro, a lokaci tsayayye, da babba a ɗaki.

Yanzu ga tsarin da na gabatar. Muna da ɗalibai 120 a aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Za a yi musu jarrabawar lissafi a takarda, tambaya arba'in, daga matakin aji uku na firamare zuwa nasu. Malamanmu ne za su tsara ta, kamfanin ba zai gan ta ba. Daga nan a jera sunaye bisa maki, a ɗauke su bibbiyu, na ɗaya da na biyu, na uku da na huɗu, har ƙasa, a jefa ƙuri'a a kowane biyu: ɗaya ya tafi rukunin na'ura, ɗaya rukunin takarda. A yi jerin mata dabam, na maza dabam. Haka za a samu sittin da sittin masu kama da juna. A jefa ƙuri'ar a gaban iyaye, a filin makaranta, kowa ya gani da idonsa, a kuma yi alkawari a rubuce cewa idan abin ya yi amfani, rukunin takarda ne za su fara shiga a shekara mai zuwa.

Da na karanta wannan sashe, wani dattijo a kwamitin ya ce, "Malam, me zai hana mu ba masu ƙoƙari, su ne za su kula da kayan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, in mun ba masu ƙoƙari, a ƙarshen shekara za su ci jarrabawa, amma ba za mu taɓa sanin ko na'urar ce ko ƙoƙarinsu ba." Wannan shi ne ramin da ke cikin yawancin alƙaluman da kamfanoni ke nunawa. Sukan ce yaran da suka yi amfani da manhajar yadda aka tsara sun fi sauran, alhali yaron da ke zama ya cika minti talatin kullum dama can shi ne mai iyaye a kansa da ƙwazo a zuciya. Tambayar da za a yi wa ɗan talla ita ce: cikin yara ɗari da aka yi wa rajista, nawa ne suka kai wannan mizanin, kuma ina sakamakon sauran?

Rukunin takarda ba za a bar su haka ba. Su ma za su samu ƙarin minti arba'in, sau uku a mako, da malami, an kasa su gida uku bisa makinsu. Dalilin shi ne, kwamiti ba tsakanin na'ura da zaman banza yake zaɓe ba. Yana zaɓe ne tsakanin na'ura da abin da zai iya yi da kuɗi kaɗan: malami, allo, da rarraba yara bisa matakinsu. Idan malami da takarda suka kamo na'ura, ai mun gano hanya mai araha.

Lokaci kuma sai an zauna an ƙirga. Zango biyu, bayan an cire makon jarrabawa da hutun tsakiyar zango, kimanin mako ashirin ne na aiki. Mako ashirin sau zama uku sau minti arba'in ya ba da minti 2,400, wato awa arba'in ga kowane yaro. Da na'ura ashirin, sai a kasa yara sittin gida uku, ɗakin ya yi zama tara a mako. Na dage a sa zaman cikin jadawalin safe. Yaranmu ƙarfe huɗu suna Islamiyya, wasu 'yan matan ana jiran su a gida, mai zuwa daga nesa kuma in ya makara cunkoson hanya ya haɗiye shi. Ranar Juma'a gajeriya ce, kada a sa komai a cikinta. A kuma buɗe kalanda tun yanzu a ga inda azumi da Sallah suka faɗa, domin duk malamin da ya koyar a unguwanninmu ya san yadda aji ke ragewa idan iyalai suka tafi gida Arewa, wani sai mako biyu bayan an koma yake dawowa.

Sai kuɗi, inda na fi daɗewa a kai. Ɗan tallan ya faɗi adadi ɗaya ne kawai: dala goma kowane yaro a shekara. Alƙaluman da ke biye ƙiyasi ne na misali don a ga yadda lissafin ke tafiya, duk mai rubuta tasa takardar sai ya shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya karɓo farashin ranar a rubuce. A ce dala tana naira 1,500. Lasisin yara sittin ya kama naira 900,000, wato 15,000 kowane yaro, kuma a nan hankalin kwamiti yakan kwanta.

Amma kafin yaro ɗaya ya taɓa manhajar, sai an sayi kwamfutar hannu ashirin da biyu, biyun na ajiya ne saboda fashewar gilashi, a 150,000 kowace, naira miliyan 3.3 ke nan. Sai inbata da batir da farantan sola da za su riƙe caji da fanka, a ce miliyan 1.5. Sai akwatin ƙarfe mai makulli, da rigunan na'ura, da abin sawa a kunne, 300,000, da na'urar rarraba intanet 100,000. Kayan da ake saye sau ɗaya sun tashi miliyan 5.2. Na yau da kullum kuwa: lasisi 900,000, data ta wata bakwai a 40,000 ya zama 280,000, alawus na malamai biyu a 30,000 kowane wata ya zama 420,000, horarwa da buga jarrabawa da makawa 300,000. Jimla miliyan 1.9. An haɗa duka, miliyan 7.1, a ɗora kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana, ya zama naira 7,810,000. Lasisin da aka yi ta ciniki a kansa bai kai kashi goma sha biyu cikin ɗari na wannan ba.

Adalci shi ne a raba kuɗin kayan a kan shekara uku da ake fatan za su yi. Kashi ɗaya cikin uku na miliyan 5.2, a haɗa da miliyan 1.9, ya kai kimanin miliyan 3.63. A raba wa yara sittin, kusan naira 60,500 kowane yaro, ninki huɗu na abin da aka faɗa a talla. Idan kuwa yara arba'in ne kawai suka riƙa zuwa sosai, kuɗin kowane yaron da ya amfana ya haura 90,000. Wannan adadin na ƙarshe shi na roƙi ma'aji ya riƙa kallo, shi kuma za a ajiye kusa da kuɗin makaranta na zango da iyaye ke biya, waɗanda yawancinsu a kara da kasuwar gwari da canji da tuƙi suke nemo shi.

Kasada ta farko tana cikin kalmar dala. A farkon 2023 farashin hukuma yana wajen naira 460, bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, ya wuce 1,500 a cikin 2024. Makarantar da ta ƙulla yarjejeniya da dala a lokacin ta ga lasisinta ya ninka sau uku ba tare da an ƙara mata darasi ɗaya ba. Saboda haka a rubuta farashi da naira, a ɗaure shi har ƙarshen gwajin, a kuma rubuta na shekara ta biyu tun yanzu, don rangwamen shekarar farko koto ne idan ba a san abin da ke bayansa ba. Wuta ma haka: a watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 kowane ma'auni, a farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya ƙarin da ya kai kashi hamsin cikin ɗari. Shi ya sa nake fifita manhajar da ke aiki ko babu intanet, ta tura bayananta idan layi ya dawo. A gwada wannan a gaban kwamiti, a kashe intanet ana tsakiyar darasi a ga abin da zai faru.

Kasada ta biyu ita ta fi damuna, don ta shafi yaranmu kai tsaye. Yaron Agege yana Hausa a gida, Yarbanci da Buroka a titi, Turanci a aji. Idan manhaja ta ba shi tambayar lissafi cikin dogon zance na Turanci ya faɗi, ita ba ta san ko lissafin ne ya gagare shi ko karatun ba. Sai ta sauke shi zuwa aji uku na firamare, yaron da ke ƙirga wa mahaifinsa canjin tumatir da ka, ya yi mako uku yana tara biyu da uku har abin ya fita ransa. Ana gane wannan ta hanya ɗaya: a makon farko malami ya ɗauki yara goma da manhajar ta ajiye a ƙasa, ya karanta musu tambayoyin da Hausa. Idan fiye da rabinsu suka amsa daidai, matsalar harshe ce, kuma sai kamfanin ya nuna mana yadda malami zai iya gyara matakin yaro da hannunsa.

Akwai kuma wayon yara. Tambaya mai zaɓi huɗu, ko da ido rufe za a ci ɗaya cikin huɗu, yaro kuma ba ya daɗewa bai gano cewa danna neman taimako sau uku yana fito da amsa ba. Alamarsa a rahoton malami ita ce amsoshi masu yawa cikin daƙiƙa biyu ko uku, da yaron da ya "gama" darussa ashirin amma ya kasa ɗaya a takarda. Haka in yara biyu suka yi musayar lambar shiga, ƙiyasin manhajar a kan dukansu ya lalace. Maganin duka biyun malami ne mai zagayawa a ɗaki, ba mai zama a bakin ƙofa ba.

Bayanan yara amana ne, doka ma ta shigo ciki. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta neman yardar uba ko uwa ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro bisa yarda, ta kuma ce idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutarwa, a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72. Takardar neman yardar a rubuta ta da Hausa da Turanci, a kuma karanta ta da baki a taron iyaye. Hajiyar da ke wakiltar iyaye mata ta tambaye ni, "Malam, hotunan 'ya'yanmu za su ɗauka?" Amsar da na sa a yarjejeniya ita ce a'a: ba hoto, ba murya, ba lambar wayar iyaye, ba ma cikakken suna ba. Kowane yaro lamba za a ba shi, littafin da ya haɗa lamba da suna yana ofishin shugaban makaranta. Kamfanin ya faɗi ƙasar da yake ajiye bayanan, ya yarda ba zai sayar ko ya yi talla da su ba, ya ba mu kwafinsu idan mun nema, ya goge su idan an rabu.

Ma'aunin nasara uku na rubuta, kuma na nemi a sa musu hannu kafin a sayi ko caja. Na farko a mako na shida za a duba shi: aƙalla yara 45 cikin 60 su kasance sun samu minti casa'in a mako cikin 120 da aka tsara, kuma zaman da ya rushe saboda wuta ko layi kada ya wuce ɗaya cikin goma. In ba a kai ba, a ba da mako uku a gyara, in an sake faɗuwa a tsaya, kada a biya kashi na biyu na lasisi. Don haka ne za a raba biyan gida biyu.

Na biyu shi ne jarrabawar ƙarshe, a takarda, mai nauyi ɗaya da ta farko amma da wasu lambobi, malamin da bai san rukunin kowa ba ya maka. Za a ƙirga duk yaran sittin, har wanda ya daina zuwa, domin shi ma an kashe kuɗi a kansa. A nan sai kwamiti ya san iyakar abin da yara 120 za su iya nunawa. A ce tazarar da aka saba gani tsakanin makin yara a wannan jarrabawa ta kai maki takwas. Irin ci gaban Delhi, 0.37, zai zama kimanin maki uku cikin arba'in. Da sittin da sittin, ko da an yi amfani da makin farko wajen daidaitawa, bambancin da ya kai maki uku ne kawai za a iya dogara da shi. Maki ɗaya ko ɗaya da rabi zai iya zama sa'a ce kurum. Saboda haka na rubuta: maki uku ko fiye, a faɗaɗa, tsakanin ɗaya da uku, a maimaita da sababbin 'yan aji ɗaya ba tare da sayen ƙarin kaya ba, ƙasa da haka, a bar lasisin, na'urorin su koma ɗakin karatu da manhajojin kyauta irin su Kolibri da ke aiki ba intanet.

Na uku, a buɗe sakamakon a ga wa ya amfana. A duba yara ashirin na ƙasa a kowane rukuni dabam, a duba 'yan mata dabam. Da yara kaɗan haka ba hujja ce yankakkiya ba, amma idan matsakaicin maki ya hau alhali na ƙasa suna nan inda suke, to abin da muka sayo dominsa bai samu ba. A cikin tambayoyi arba'in ɗin na ware biyar na ɗebewa da aro, kuma a ranar da za a kai rahoto gaban kwamiti, zan zo da takardun farko da na ƙarshe na waɗannan yaran na ƙasa, a shimfiɗa su a tebur, kowane mamba ya duba da kansa ko 52 a ɗebe 17 ya koma 35.